Karanta Wa Wani Umarnin Magani: A Kawo Lambar Yadda Take

A gidajenmu da yawa, wanda ke karanta takardar magani ɗan sakandare ne ko maƙwabci mai ilimin boko. Sai a miƙa masa kwali a ce, "Duba mana yadda ake shan wannan." Shi kuma ya ɗan leƙa, ya ce, "Safe da dare ne." Ya karanta daidai, amma ya taƙaita, kuma a wajen taƙaitawar nan ake yin ɓarna.

Mu ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa yanzu, haɗin artemether da lumefantrine, wanda wasu suka sani da sunan Coartem. Ana shansa sau 6 cikin kwana 3. To amma ranar farko dabam take: bayan sha na farko, ana yin na biyu ne bayan awa 8. Wanda ya fara da ƙarfe 8 na safe zai ƙara da ƙarfe 4 na yamma, sannan kwana biyun da suka rage ya koma safe da dare. Mai fassarar da ya ce "safe da dare" kawai ya haɗiye awa 8 ɗin nan. Akwai kuma layin da ke cewa a sha da abinci mai maiƙo ko madara. Galibi ana mayar da shi "ka ci wani abu tukuna", alhali maiƙon ake nufi, domin shi ke taimaka wa hanji ya tsotsi lumefantrine. Kokon da babu madara ba lalle ya yi wannan aikin ba.

Babban tarkon yana kan kwalin. Akwai mai ɗauke da lamba 20/120, wanda babba mai nauyin kilo 35 zuwa sama ke shan ƙwaya 4 a kowane lokaci, jimla 24. Akwai kuma mai 80/480, wanda ƙwaya 1 tak ake sha, jimla 6. Mutumin da ya saba da guda 4, idan aka ba shi mai ƙarfin ya bi sabonsa, ya ninka adadin sau 4 ke nan. Wanda kuma ya saba da guda 1, idan ya samu ƙaramin, rubu'in magani kawai yake sha, zazzaɓin ya lafa ya dawo, a ce maganin jabu ne. Lissafi mai sauƙi na tona asirin kuskuren: a ƙirga ƙwayoyin fakitin babba, a raba gida 6. Idan amsar ta saɓa da abin da aka faɗa, a dakata a tambaya.

Maganin ruwa na yara shi ma da tasa matsalar. Abin da Turanci ke kira teaspoon mililita 5 ne, tablespoon kuma 15. Haka 'yan'uwanmu na Nijar ke ganin cuillère à café da cuillère à soupe a takardun Faransanci. Mu kuwa duka "cokali" muke cewa, kuma cokulan gida kowanne da girmansa. Saboda haka mai fassara ya faɗi mililitar yadda aka rubuta, a auna da ɗan kofin da ke zuwa da kwalbar ko sirinji marar allura.

Gajerun rubutun likita kuwa ba su da yawa: bd sau 2 a rana, tds sau 3, qds sau 4, nocte da dare, 5/7 kuma kwana 5. Idan rubutun bai karantu ba, ba a cankarsa.

Aikin mai fassara a nan ya tsaya. Ba shi ke rage wa yaro adadi ba, ba shi ke raba ƙwaya biyu ba. Sauran na mai ilimin haɗa magunguna ne, wanda ke famasin asibiti ko babban shagon magani mai rajista; ba kowane mai kemis ne ya yi wannan karatun ba. A je masa da kwalin da takardar likita, a maimaita masa fassarar da baki, kamar a ce, "Malam, ƙwaya 4 yanzu, 4 da ƙarfe 4 na yamma, haka ne?" Da hakan zai kama kuskure nan take. A gaya masa nauyin yaro, domin da kilo ake lissafin wannan magani. A sanar da shi idan akwai juna biyu ko shayarwa, da duk wani maganin da ake sha, har da na gargajiya. A tambaye shi abin yi idan mara lafiya ya yi amai jim kaɗan bayan sha, ko aka manta lokaci ya wuce, da yadda za a tsara lokutan idan da rana ko da daddare aka fara. Mai azumi kuma kada ya matse sau 3 tsakanin buɗa-baki da sahur bisa ra'ayin kansa.

Kafin ka bar gaban kanta, roƙe shi ya rubuta maka ainihin ƙarfe nawa da ƙarfe nawa a jikin kwalin.