Rage Sibi: Abin Da Za A Cire Kafin A Miƙa Takardar Neman Aiki

Mai tantance takardun masu neman aiki ba ya karanta sibi daga farko zuwa ƙarshe a zagayen farko. Tari ne a gabansa, sai ya leƙa saman shafin farko, idan bai ga abin da yake nema ba ya ajiye ya ɗauki na gaba. Amma har yau da yawa daga cikinmu shafi huɗu ko biyar muke miƙawa, mu fara da makarantar firamare, addini, aure da abin da muke yi a lokacin hutu, mu bar hujjar da za ta samar mana aikin a can shafi na uku.

A ɗauka wani kamfanin casar shinkafa a Kano ya tallata gurbin mai kula da sito. Tallar ta nemi abu uku: gogewa a lissafin kayan da ke shiga da fita, iya aiki da Excel, da kula da ma'aikata. Mai nema kuwa ya koyar a firamare daga 2010 zuwa 2012, ya yi hidimar ƙasa a 2013, ya yi aikin wucin gadi a zaɓen 2015, ya riƙe shagon cirar kuɗi na shekara biyu, sannan tun 2018 yana kula da sito a wurin wani dillalin taki. A sibinsa kowane aiki ya samu layi biyar, kuma koyarwar ce a sama.

Gyaran yana farawa ne daga tallar. Ya ja layi a ƙarƙashin buƙatun nan uku, sannan ya auna kowane aikin da ya taɓa yi da su. Aikin sito shi zai hau sama, shi zai ci rabin shafi. A nan kuma ba a son a rubuta “ina kula da sito” a tsaya, domin duk mai neman gurbin haka zai ce. A faɗi yawan buhunan da ke ratsa hannunsa a damina, da yawan leburorin da ke ƙarƙashinsa, da cewa shi ke ƙirga kaya duk ƙarshen wata ya daidaita da abin da ke littafi. Idan shi ya mayar da lissafin daga littafi zuwa Excel, wannan layin kaɗai ya fi dukkan shafin koyarwa amfani. Sai dai kada ya rubuta adadin da ba zai iya kare shi ba ranar ganawa.

Shagon cirar kuɗi fa? Mutane kan yi saurin share irinsa don suna ganin bai kai a ambata ba, ni kuwa ina ganin kuskure ne. Wanda ya saba daidaita kuɗin hannu da na asusu kowane dare ya san lissafi, kuma an gwada amanarsa. Ya cancanci layi biyu. Ke nan ba tsufan aiki ko ƙanƙantarsa ake dubawa ba, alaƙarsa da gurbin ake dubawa.

Aikin zaɓe ya fita gaba ɗaya. Koyarwa da hidimar ƙasa su koma layi ɗaiɗai a ƙarƙashin “Sauran ayyuka”, da suna da shekara kawai. Dalilin barinsu shi ne giɓi: idan aka share shekara biyu ko uku a tsakiyar tarihi, mai tantancewa zai tambayi kansa ina mutumin ya shiga. Hidimar ƙasa kuma ma'aikatu da yawa a Najeriya suna neman shaidarta. Firamare da sakandare kuwa, wanda ke da digiri ko babbar difloma ba ya buƙatar jera su sai an nema.

Wannan shawara tana da iyaka. Aikin gwamnatin tarayya kan buƙaci jiha da ƙaramar hukumar asali saboda tsarin raba daidai, aikin koyarwa a jami'a kuma yana son cikakken jerin wallafe-wallafe komai tsawonsa. Idan talla ta ce a kawo cikakken tarihin aiki, a kawo. Saboda haka a adana doguwar sibin a kwamfuta ko waya, a riƙa yanko gajera daga cikinta ga kowane gurbi. Kuma matse rubutu har sai an sa tabarau ba ragewa ba ne. Shafi biyu masu sarari sun ishi mai gogewar shekara goma.

Kafin ka tura, miƙa wa wanda bai san gurbin ba ya duba na rabin minti, ka karɓe, ka tambaye shi wane aiki kake nema. Idan ya ce malanta alhali sito kake nema, koma ka ƙara ragewa.