Bayan Katsewar Wata Uku: Yadda Ake Cike Giɓin Bayanai

A ce wani kamfanin sayar da magani yana da rassa, kuma duk bayan awa ɗaya manhaja na kwasar bayanan ciniki daga rassan zuwa babban rumbun hedikwata. Rana ɗaya kalmar sirrin da ta haɗa su ta daina aiki, ba wanda ya ankara sai bayan kwana 90. In ana cinikayya 20,000 a kullum, bayanai miliyan 1.8 ke nan suka maƙale a rassa.

Mai gaggawa zai sake su a lokaci guda. Nan take rumbun zai fara mayar da amsar `429`, wato buƙatu sun yi masa yawa, cinikin yau kuma ya tsaya a bayan layin na wata uku.

Masu sanin aikin sukan fara da tayar da aikin awa-awa daga yau, don giɓin ya daina faɗaɗa. Sai su rubuta ranar da abin ya katse da ranar da ya dawo, su buɗe wa tsofaffin bayanai layi na daban. Aikin kullum yana da alamar da yake ajiyewa ta inda ya tsaya. Tilas aikin cike giɓi ya riƙe tasa alamar, domin in ya taɓa waccan, aikin kullum zai koma baya ko ya tsallake wasu bayanai.

Daga nan sai lissafi, kamar mai biyan bashi kaɗan-kaɗan ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba. In rumbun na ɗaukar bayanai 3,000 a minti, a bai wa tsofaffin 1,000 kawai. Aikin zai ci awa 30. In ana yin sa daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba, lokacin da shaguna ke rufe, dare biyar ya wadatar. A yanka shi kwana-kwana, duk ranar da ta kammala a rubuta, ta yadda ko wuta ta ɗauke, daga nan za a ɗora. In `429` ta bayyana, a dakata, in ta sake bayyana a ninka lokacin jira.

Akwai tarko guda biyu. Na farko maimaici: dole kowane ciniki ya zo da lambarsa, don in an turo shi sau biyu rumbun ya gane shi, kada ya ƙirga shi biyu. Na biyu, tsohon bayani na iya danne sabo, farashin Janairu ya goge na Afrilu. Maganinsa a duba lokacin da aka yi wa kowane bayani gyaran ƙarshe, mafi sabo ya tsaya.

Kada a ce an gama don manhaja ta ce ta gama. A ƙirga cinikin kowace rana da jimillar kuɗinsa a reshe da kuma a hedikwata. Ranar da ba ta yi daidai ba, ita kaɗai za a sake turowa.