Idan ƙwaƙwalwa ta ɗauke a gaban kwamitin ganawa

Mutum na iya shekara goma yana aiki a ofis guda, ya san dokokin aikin ciki da waje, amma ranar da ya zauna gaban kwamitin ƙarin girma aka jefa masa tambaya mai sauƙi, sai ya ji kansa fayau kamar an share allo. Haka ɗan kasuwar da ke riƙe da lissafin shagonsa a ka, wani lokaci ya kan rasa ta cewa idan jami'in banki ya tambaye shi cinikinsa na wata. Mutane kan ɗauki wannan a matsayin rashin sani ko rashin shiri. Yawanci ba haka ba ne. Ilimin yana nan, hanyar ɗauko shi ce ta toshe na ɗan lokaci, kuma akwai yadda ake buɗe ta.

Da zarar mutum ya ji cewa za a auna shi a gaban jama'a, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke zaune a kan ƙoda kan saki sinadarin adirenalin cikin 'yan daƙiƙoƙi. Shi ne ke sa bugun zuciya ya ƙaru, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe. Bayansa sai kotisol, wanda kan ɗauki kimanin minti ashirin zuwa talatin kafin ya kai ƙololuwa a jini. Idan waɗannan sinadarai suka yi yawa, sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke riƙe tambaya yana tsara mata amsa, ya kan yi rauni. Tsoro kuma ya kan cinye ɗan gurbin da ya rage, domin mai tunanin "yanzu za su gane ban iya ba" ya riga ya ba da rabin hankalinsa ga wannan tunanin.

Ganawar neman aiki ta shahara wajen tayar da wannan hali har masana suka mayar da ita ma'auni. A shekarar 1993, Clemens Kirschbaum da abokan aikinsa a Jami'ar Trier da ke Jamus suka wallafa wata hanyar sanya mutum cikin matsi a ɗakin bincike. Ana tsayar da shi gaban kwamitin da ba ya murmushi, ba ya gyaɗa kai, ya yi minti biyar yana bayanin dalilin da ya sa ya cancanci wani aiki, sannan a ce ya riƙa cire 13 daga 1,022 da baki, in ya kuskure ya koma farko. Ko da yake kowa ya san babu aikin da za a bayar, kotisol na hauhawa a jikin mafi yawan masu shiga. Ke nan wanda ya ji gabansa na faɗuwa a ganawa ta gaskiya, jikinsa na yin abin da aka halicce shi a kai ne.

Shirin da ke jure wa tsoro

Akasarin masu shirin ganawa kan kwana suna maimaita karatun takardu. Wannan karatu yana da yaudara, domin ido na gane abin da ya taɓa gani, sai mutum ya zaci ya riƙe. A gaban kwamiti babu takarda, dole a ciro amsa daga ka. Wani bincike da Amy Smith da abokan aikinta na Jami'ar Tufts a Amurka suka wallafa a mujallar Science a 2016 ya gwada hanyoyin biyu. Wasu ɗalibai sun koyi kalmomi da hotuna ta hanyar sake dubawa, wasu kuma ta hanyar rufe takarda suna ƙoƙarin tunowa. Washegari aka sanya su cikin matsi. Waɗanda suka dogara da sake dubawa sun tuna kaɗan, su kuwa waɗanda suka saba gwada kansu, matsin bai rage musu abin kirki ba.

Abin da wannan ke nufi ga ma'aikaci shi ne ya rufe littafin dokokin aiki, ya ba abokin aiki ko wani na gida jerin tambayoyi, ya amsa da baki, da murya mai ƙarfi, a zaune kan kujera kamar yadda zai zauna ranar. Zai fi kyau mai tambayar ya ɗaure fuska, ya kuma riƙa canza tsarin tambayoyin. Masu allo sun daɗe da sanin bambancin karatu da tilawa.

Sai dai akwai tarko a nan. Wanda ya haddace amsa kalma bayan kalma ya ɗaura ta ne kamar sarƙa, idan ƙwaya ɗaya ta ɓace sauran ma sun tafi. Gara a riƙe kanun magana biyu ko uku ga kowace tambaya, da misali guda daga aikin da mutum ya yi da hannunsa. Abin da ya kamata a haddace sosai shi ne jimla biyun farko na gabatar da kai, domin a mintocin farko ne zuciya ta fi dukan uku-uku.

A ranar kanta, yawan barnar na faruwa ne a barandar jira. Ana iya kiran mutane ƙarfe tara, a ga na ƙarshe bayan la'asar. Duk wanda ya fito sai a yi masa caa ana tambayar abin da aka tambaye shi, kuma kowace tambayar da mai jira bai san amsarta ba tana ƙara masa fargaba. Ya fi alheri mutum ya ja gefe, ya ɗan taka ƙafa, ya sha ruwa. Kofi da shayi mai kauri da goro fiye da yadda aka saba na ƙara rawar hannu da bugun zuciya. Karɓar ƙwayar kwantar da zuciya daga hannun aboki kuwa kasada ce, domin irin waɗannan magunguna na iya yi wa mai asma mummunar illa, wasu kuma na kawo kasala da dushewar tunani. Wannan hurumin likita ne.

Abin da ke hannun kowa shi ne numfashi. Zuciya kan ɗan ƙara sauri yayin shaƙar iska, ta sassauta yayin fitarwa, saboda haka tsawaita fitarwar ke kwantar da ita. A shaƙa ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar a hankali ana ƙirga shida, wato kimanin numfashi shida a minti guda, har tsawon minti biyu ko uku. Masu cika ƙirji da sauri suna zaton suna kwantar da hankali kan jawo wa kansu jiri da ƙaiƙayin yatsu, kuma wannan alama ce ta cewa a rage sauri.

Daƙiƙoƙin da kai ya ɗauke

A ɗauka wani jami'in mulki ne a gaban kwamitin mutum huɗu. Shugaban kwamitin ya ce ya lissafo nau'o'in hutun da ma'aikaci ke da haƙƙinsu. Ya ce hutun shekara, ya ce hutun rashin lafiya, sai komai ya tsaya. A nan kuskure biyu ke jiransa. Ko ya dinga cusa kalmomi marasa ma'ana don toshe shirun, ko ya ƙura wa silin ido yana matsa wa ƙwaƙwalwa, alhali matsin ne ya toshe ta tun farko.

Matakin farko shi ne ya saki numfashi guda mai tsawo, ya bar shirun ya wuce. Shirun daƙiƙa biyar a kunnen mai fargaba kamar minti ne, a wurin kwamiti kuwa mutum ne ke nazari kafin ya yi magana. Galibi ma ba sa ganin ko rabin tashin hankalin da yake ji a ciki. Daga nan ya nemi lokaci a fili: "Ranka ya daɗe, a ba ni ɗan lokaci in tsara amsar." In ma tambayar ce ta ɓace masa, ya roƙi a maimaita, babu aibi a ciki.

Mataki na gaba shi ne ya daina farautar jerin da ya ɓace, ya shiga ta wata ƙofa. Maimakon tuno shafin littafi, ya tuno ofishinsu: wa ya tafi hutu a bana, kuma saboda me? Sai ya tuna abokiyar aikin da ta haihu, ga hutun haihuwa. Ya tuna wanda ya tafi jami'a, ga hutun ƙaro ilimi, mai albashi da marar albashi. Ya tuna ranar da shi kansa ya nemi kwana biyu don wata lalura, ga hutun uzuri. Abin da mutum ya gani da idonsa yana da hanyoyi da yawa da ke kaiwa gare shi a ƙwaƙwalwa, ba kamar jerin da aka karanta a takarda ba.

Ɗan kasuwa ma haka zai yi da lissafi. Idan jimillar wata ta ɓace, ya gina ta da baki daga abin da ba ya mantawa: buhu biyar a rana, kwana 26 na kasuwa, buhu 130 ke nan a wata, sai a ninka da farashin buhu. Jami'in banki ya fi amincewa da wanda ya nuna yadda adadi ya fito a kan wanda ya faɗi adadi kawai.

In duk wannan bai yi ba, sai a faɗi gaskiya a taƙaice: "Sauran sun kuɓuce mini yanzu, in an yarda zan dawo kansu." Ƙirƙiro sashen doka ko adadi ya fi mantuwa muni, domin a kwamiti akwai wanda ya san amsar, kuma daga nan zai fara shakkar sauran maganganun. Neman afuwa sau ɗaya ya isa.

Akwai darasi a abin da ya samu Rick Perry, gwamnan Texas na lokacin, a muhawarar 'yan takarar shugabancin Amurka na jam'iyyar Rifablikan ranar 9 ga Nuwamban 2011 a jihar Michigan. Ya ce akwai ma'aikatu uku da zai rushe idan ya ci zaɓe. Ya ambaci ta kasuwanci da ta ilimi, ta ukun ta ƙi zuwa. Ya yi ta lalube a gaban kyamara har ya amsa cewa ba zai iya ba. Can gaba a cikin muhawarar, bayan an wuce wurin, sunan ya dawo masa: ma'aikatar makamashi, wadda shi ne aka naɗa ya shugabanta a 2017. Da bai ce "uku" ba, da ya faɗi biyu ya wuce babu wanda ya lura. Mai ganawa ya guji yi wa kansa alƙawarin adadi, ya ce "daga cikinsu akwai", sai ya tsaya inda iliminsa ya tsaya.

Labarin ya kuma nuna cewa abin da ya ɓace kan dawo da kansa idan an sake shi. Saboda haka tambayar da ke biye ta fi wadda aka rasa muhimmanci. Kwamitoci da dama na ba kowace tambaya makinta daban, amma mai ci gaba da tuhumar kansa a zuci ba ya jin tambaya ta gaba da kyau, sai asarar guda ta zama uku. Dabara mai sauƙi ita ce ya dafa ƙafafunsa a ƙasa, ya kalli bakin mai tambaya, ya maimaita muhimmiyar kalmar tambayar a farkon amsarsa. Idan amsar da ta ɓace ta faɗo masa, ya ajiye ta har lokacin da shugaban kwamiti zai tambaya ko yana da abin ƙarawa, sannan ya ce: "Ranka ya daɗe, game da nau'o'in hutu, akwai biyu da ban ambata ba ɗazu," ya faɗe su cikin jimla ɗaya.