Idan Lissafinka Ya Ba Ka Sifili: Nasihar Malami Ga Sababbin Ɗalibai Kan Aiganbekta

A cikin takardun jarrabawar ɗaliban shekarar farko, akwai wata amsa da kowane malamin lissafi ya saba gani a ƙarshen shafi, an ja mata layi biyu a ƙasa da ƙarfin gwiwa: x = 0, y = 0. Tambayar ita ce a nemo aiganbekta. Ɗalibi ya cika shafi guda da aiki, ya yi gumi, ya fito da sifili biyu, ya wuce tambaya ta gaba hankalinsa kwance. Ba shi da maki a wannan amsa. Abin takaicin shi ne, da ya san abin da sifilin ke gaya masa, da ya koma baya ya gyara cikin minti biyu. Don haka na rubuta wa ɗalibaina wannan takarda, na kuma ga ya dace mai karatu ma ya leƙa, ko da ya daɗe da rabuwa da aji.

Bari mu fara da abin da ake nema. Bekta jerin lambobi ne, kamar (1, 1), wanda za ka iya zana shi a matsayin kibiya mai tsawo da kuma inda ta fuskanta. Matiris kuwa lambobi ne da aka jera cikin layuka a akwati, aikinsa shi ne ya karɓi kibiya ya fitar da wata. Yawancin kibiyoyi idan sun shiga, sukan fito sun karkata wani gefe. Amma akwai 'yan kaɗan da ba sa barin layinsu, sai dai su ƙara tsawo, ko su ragu, ko su juya baya a kan layin nan dai. Ka ɗauki yadi mai roba ka ja shi ta faɗi: zaren da ke kwance a kan hanyar jan yana miƙewa ne kawai, wanda ke karkace kuwa sai ya sauya kwana. Kibiyar da ba ta barin layinta ita ce aiganbekta, adadin da aka ninka ta da shi kuma shi ne aiganbalyu, wanda ake rubutawa da harafin λ. Ma'anar duka tana cikin layi ɗaya, Av = λv, da sharaɗin cewa v ba sifili ba ce.

Wannan sharaɗi shi ne ɗalibai suke tsallakewa. Kowane matiris a duniya, idan ka ninka shi da bektar sifili, sifili za ka samu, ko wace λ ka ɗauka. Amsar da ta dace da kowace tambaya ba ta gaya maka komai game da taka tambayar ba, shi ya sa aka fitar da ita tun daga ma'ana.

To ɗalibaina, ga matiris ɗin da za mu yi aiki da shi:

```
A = | 4  1 |
    | 2  3 |
```

Matakin farko shi ne a cire λ daga lambobin da ke kan dayagonal, wato 4 da 3, a nemo ditaminan, a daidaita shi da sifili. Wannan ya ba mu (4 − λ)(3 − λ) − 2 = 0, idan aka buɗe kuma λ² − 7λ + 10 = 0, wato (λ − 2)(λ − 5) = 0. Aiganbalyu ɗinmu 2 ne da 5.

Ku tsaya nan, kada ku wuce. Akwai gwaji mai arha da zai raba ku da wahala: jimillar aiganbalyu dole ta yi daidai da jimillar lambobin dayagonal, ninkinsu kuma dole ya yi daidai da ditaminan na A. A nan 2 + 5 = 7, kuma 4 + 3 = 7. Haka 2 × 5 = 10, kuma 4 × 3 − 1 × 2 = 10. Wanda alama ta ruɗe shi ya rubuta −2 da −5, ninkinsa zai ba shi 10 lafiya lau, amma jimilla za ta ba shi −7, nan take asirin kuskuren ya tonu. Shi ya sa nake so a yi gwajin biyu duka, ɗaya ba ya wadatarwa.

Wannan gwaji shi ne kuma yake kama masu gaggawar sauƙaƙa matiris tun kafin su cire λ. Sun koyi rage layuka a darasin baya, hannunsu ya saba, sai su cire rabin layin farko daga na biyu don su samu sifili a ƙasa. Dayagonal ya koma 4 da 2.5, su karanta su a matsayin aiganbalyu. Ninkinsu 10 ne, to amma jimillarsu 6.5. Rage layuka ba ya canza amsoshin ikweshan, amma yana canza aiganbalyu, domin matiris ɗin da ka samu wani ne daban. Lokacin rage layuka yana zuwa ne bayan an cire λ.

Yanzu mu ɗauki λ = 5 mu cire ta daga dayagonal:

```
A − 5I = | −1   1 |
         |  2  −2 |
```

Ku dubi layukan nan biyu da kyau. Na biyu na farko ne aka ninka da −2. Layin farko yana cewa −x + y = 0, na biyu yana cewa 2x − 2y = 0, magana ɗaya ce aka faɗa sau biyu. Idan ka rage su, layin ƙasa zai koma 0 = 0. A nan ne gaban sabon ɗalibi yake faɗuwa, ya ɗauka ya ɓata aiki, har ya soke shafin. Alhali wannan layi na sifili shi ne shaidar cewa kana kan hanya. Ai mun zaɓi λ ne da gangan don ditaminan ya zama sifili, ma'anar hakan kuwa ita ce layukan za su maimaita juna. Abin da ya rage shi ne x = y, sai ka ɗauki (1, 1).

Idan kuwa layukan suka ƙi maimaita juna, suka tilasta maka x = 0 da y = 0, to kuskure yana baya. Ko dai λ ɗinka ba daidai ba ce, ko kuma ka yi abin da na fi gani a takardu: ka cire 5 daga dukkan lambobi huɗu maimakon biyun dayagonal. Mai yin haka yakan samu −1 da −4 a sama, −3 da −2 a ƙasa. Ditaminan ɗinsu −10 ne, ba hanyar da za ta fitar da komai sai sifili. Harafin I da ke cikin A − λI ba ado ba ne. Matiris ne mai 1 a dayagonal da 0 a sauran wurare, shi ya sa cirewar ba ta taɓa 1 da 2 ɗin da ke gefe ba.

Sai λ = 2, inda wani tarko mai wayo yake. Idan aka cire 2 daga dayagonal, layukan biyu duka sun zama 2 da 1, wato 2x + y = 0. Ɗalibi ya gaji, lokaci ya ƙure, ido ya ga 2 da 1, hannu ya rubuta (2, 1). Waɗannan lambobi na ikweshan ne, ba amsarsa ba. Saka su ciki ka gani: 2 × 2 + 1 ya ba da 5, mu kuwa sifili muke nema. Hanyar ita ce ka ba x wata daraja, a ce 1, sai y ta zama −2. Aiganbektar ita ce (1, −2). Wasu sukan kai har bakin gaɓa sannan su yar da alamar cirewa su rubuta (1, 2), wannan ma kibiya ce da ke kallon wani waje dabam.

Duk waɗannan kurakurai, gwaji ɗaya yake kama su, kuma bai kai minti guda ba: ninka A da amsarka. Da (1, −2), layin sama ya ba da 4 − 2 = 2, na ƙasa ya ba da 2 − 6 = −4. Sakamakon (2, −4) ne, wato (1, −2) sau biyu cif, kuma 2 ce λ ɗinmu. Da (2, 1) kuwa za ka samu (9, 7), babu lambar da za ka ninka (2, 1) da ita ta ba ka haka. A ganina wanda ya miƙa takarda bai yi wannan gwaji ba, bai gama amsa tambayar ba, ko da amsarsa ta faɗa daidai. Gwajin yana kuma hana ka haɗa bekta da aiganbalyun da ba nata ba, domin (1, 1) ta 5 ce, (1, −2) ta 2 ce, wanda ya musanya su ya yi asarar maki a banza.

Akwai gardamar da nakan ji a bakin aji bayan jarrabawa. Wannan ya ce ya samu (1, −2), wancan ya ce (−1, 2), wata ta ce littafi ya nuna (2, −4), kowa ya tafi gida da damuwa. Dukkansu sun yi daidai. Kibiyoyin uku suna kan layi ɗaya, kuma duk lambar da ka ninka aiganbekta da ita, in dai ba sifili ba ce, aiganbekta ce ka samu. Manhajojin lissafi a kwamfuta ma sukan mayar da tsawon kibiyar ya zama 1, sai ka ga (0.707, 0.707) inda kai ka rubuta (1, 1), abu ɗaya ne.

Kada kuma tsoron sifili ya wuce gona da iri. Bektar ce aka hana ta zama sifili gaba ɗayanta. Aiganbalyu yana iya zama 0 ba laifi: matiris mai 1 da 2 a sama, 2 da 4 a ƙasa, aiganbalyunsa 0 ne da 5, kuma (2, −1) ita ce ta 0 ɗin. Haka bekta irin (1, 0) halal ce, tunda ɗaya daga lambobinta ba sifili ba ce.

Wannan (1, 0) ɗin ita ce za ku haɗu da ita a wuri na ƙarshe da zan ja kunnenku:

```
B = | 3  1 |
    | 0  3 |
```

A nan λ = 3 ta fito sau biyu, sai ɗalibi ya ɗauka wajibi ne ya kawo kibiyoyi biyu masu fuskantar wurare daban-daban. Cire 3 daga dayagonal, abin da ya rage shi ne y = 0 kaɗai. Layi ɗaya ne tak, na (1, 0). Wasu sukan ƙirƙiro (0, 1) don cike gurbi, amma B yana mayar da ita (1, 3), ta bar layinta. Da a ce 1 ɗin da ke sama sifili ne, da kowace kibiya ta zama aiganbekta. Maimaituwar λ ba ta yi maka alkawarin komai ba, ikweshan ɗin ne zai faɗa maka nawa ake da su.

Kafin darasi na gaba, kowa ya ɗauki matiris mai 5 da 2 a sama, 2 da 2 a ƙasa, ya nemo aiganbalyu da aiganbektarsa, ya kuma rubuta gwajin Av = λv a ƙasan kowace amsa. Takardar da ba ta da gwajin, zan mayar wa mai ita ba tare da na duba ba.