Saɓa Alkawari: Ba Kowace Asara Kotu Ke Sa a Biya Ba

Wani maƙwabcina a Dorayi, mai ƙaramar masana'antar leda a Sharada, ya kawo mini kuka. Mai motar da zai dawo masa da injinsa daga gyara ya makara da kwana goma, aiki ya tsaya, har wata babbar kwangila ta suɓuce masa. Tambayoyi biyu na yi masa.

Ta farko, shin mai motar ya san da kwangilar lokacin da suka ƙulla yarjejeniya? Kotunanmu suna bin ƙa'idar shari'ar Hadley da Baxendale, wadda aka yanke a Ingila a 1854: diyya tana tsayawa ne kan asarar da aka saba gani, ko wadda ɓangarorin biyu suka hango tun farko. Tunda bai faɗa masa ba, da wuya ribar kwangilar ta shiga lissafi.

Ta biyu, me ya yi don rage asarar? Idan ana samun injin haya a Bompai kan naira 300,000, amma ya zura ido har asarar ta kai miliyan 2, to kuɗin hayar kawai zai iya samu. Sai dai wanda ya saɓa alkawarin shi ne zai tabbatar wa kotu da wannan sakaci.

Saboda haka, ɗan kasuwa ya bayyana buƙatarsa a rubuce tun farko, ya nemi mafita da wuri, ya kuma adana rasit.