Ribar Katan Bayan Rangwame: A Kan Wane Kuɗi Ake Lissafi?

A Kasuwar Singa da ke Kano, inda masu shagunan unguwa ke zuwa sarin taliya, sukari, madara da sabulu, ba kasafai ake biyan kuɗin da dila ya fara faɗa ba. Wanda ya ɗauki katan da yawa, ko ya biya kuɗi hannu, ko ya zama tsohon abokin ciniki, yakan samu ragi. Sai dai da yawa daga cikin masu shago, in aka tambaye su kashi nawa cikin ɗari suke ci a katan, da farashin farko suke yin lissafi, alhali ba shi suka biya ba.

A ɗauki misalin katan ɗin taliya mai leda 20. A ce dila ya sa masa Naira 20,000, sannan ya yi rangwamen kashi 10 cikin ɗari. Kashi 10 na 20,000 shi ne 2,000, don haka abin da ya fita daga aljihun mai shago 18,000 ne. Wannan ita ce uwar kuɗi, kuma kowace leda ta tsaya masa a kan 900.

Ya koma shago yana sayar da leda ɗaya 1,100. In katan ya ƙare, 22,000 ta shigo. A cire uwa, saura 4,000, ita ce riba. Don a san kashi nawa ce, sai a raba ribar da uwar kuɗi, a ninka da 100. Wato 4,000 a raba da 18,000, sau 100, zai ba da 22.2. Ma'ana, duk Naira 100 da ya zuba ta jawo masa Naira 22 da ɗoriya.

Ga inda ake tuntuɓe. Wani zai ce ai katan ɗin 20,000 ne, ya sayar 22,000, ribarsa kashi 10. Ya haɗa da kashi 10 na rangwame, ya zama 20. Lissafin ya yi kusa, amma bai faɗa daidai ba, domin kashi biyun nan duka a kan 20,000 aka auna su, kuɗin da mutumin bai taɓa biya ba. Ko da a ce ya sayar da katan ɗin 20,000 cif, ribar 2,000 a kan uwar 18,000 kashi 11.1 ce, ba 10 ba. Rangwame a kan farashin dila ake auna shi, riba kuwa a kan abin da aka biya, shi ya sa ba a tara su wuri ɗaya.

Akwai kuma masu raba riba da kuɗin ciniki: 4,000 a kan 22,000, ya ba da 18.2. Wannan ma awo ne da akantoci ke amfani da shi, amma wata tambayar yake amsawa, wato nawa ne riba a cikin kowace Naira 100 da ta shiga aljihun tebur. In abokan kasuwanci biyu za su zauna lissafi, su fara daidaitawa a kan wanda suke nufi, in ba haka ba kowa zai ga kamar ɗan uwansa ya ɓoye wani abu.

Rasit ɗin dila kuma ba shi ne ƙarshen magana ba. Katan ba ya kai kansa shago. Akwai ɗan dako da ya fito da shi bakin titi, akwai mai adaidaita sahu. In waɗannan suka ci 500 a kan katan, uwa ta koma 18,500, riba ta sauko 3,500, kashi ya dawo kusan 19. Idan kuma leda biyu suka fashe a hanya, ko ɓera ya ɓarnata su, 18 kawai za a sayar, ciniki ya tsaya a 19,800. Riba ta zama 1,300, kashi 7 ke nan. Leda biyu kacal, amma sun tafi da fiye da rabin ribar katan, saboda duk ledar da ta lalace tana tafiya ne da uwarta da ribarta gaba ɗaya.

Haɗarin ya fi yawa ga mai shagon da ragin ya ɗebe shi, ya karya farashi don jawo masu saye. Wanda ya ce tunda 900 ya saro, bari ya sayar 950, ya manta da kuɗin dako leda ta kai 925. Ribarsa a katan 500 ce, ƙasa da kashi 3, kuma leda ɗaya ta fashe ya shiga cin uwa.

Mai shago, kafin ka yanke farashin leda, rubuta abin da ka biya dila bayan ragi, ka ɗora kuɗin dako da na mota, ka raba da yawan ledojin da suka iso lafiya. Daga wannan adadin za ka ɗora ribarka.