Bashin da ke shiga asusun banki ba tare da sallama ba

Ga iyalan da suka buɗe asusu a Parakou ko Djougou: banki na iya barin mutum ya cire fiye da abin da ke cikin asusunsa. A takardar banki ana rubuta wannan *découvert*, kuɗin da ake yanka a kansa kuma *agios*. Bashi ne, ko da ba ku zauna kun nemi rance ba. Da zarar albashi ko kuɗin tallafi ya shigo, banki zai fara cire nasa, sannan ku ga saura.

Kuɗin ruwan ba shi ne babbar matsala ba. Tara ce ke cinye kuɗin, domin ba ta duba ƙanƙantar bashi. Ga misali da alƙaluman kwatance, tunda kowane banki da nasa farashin.

Wata uwa tana buƙatar sefa 30,000 don sarin kaya a kasuwar Arzeke. Ta cire daga asusun da ya kusa ƙarewa, ta yi wata uku ba ta cike ba. Ruwan kashi 1 cikin ɗari a wata ya kama 900. An yanka mata tarar 3,000 saboda ta wuce iyakar da aka amince mata. Sannan wani biyan da ke fita daga asusun ya dawo don babu kuɗi, aka ƙara 5,000. Jimla 8,900.

Da ta karɓi rancen 30,000 a gidan ƙananan basusuka irin su CLCAM ko PADME, tana biyan 10,000 kowane wata da ruwan kashi 1.5 a kan abin da ya rage, ruwan zai zama 450, sai 300, sai 150. Haɗe da kuɗin takarda 200, jimla 1,100 ne, kuma ta san su tun ranar farko. Amma shi ma rance yana da tara idan an makara, don haka kada a karɓa sai an san inda biyan zai fito.

Akwai wani tarko. Asusun yau da kullum yana da kuɗin kulawa da ake cirewa ko ba a taɓa shi ba. Wanda ya koma gida ya bar shi babu komai, bashi na iya taruwa a kansa.

Tun 2014, babban bankin yankin, BCEAO, ya wajabta wa bankuna bayar da takardar bayanin asusu ta wata-wata da kuma rufe asusu kyauta. Ku karɓi takardar. Idan kun ga *solde débiteur*, ana bin ku ke nan. Kafin sa hannu a kowane rance, ku tambayi jimlar da za ku biya a sefa. Asusun da ba ku amfani da shi kuma, ku rufe shi a rubuce, ku ajiye shaidar.